Ranar da Ka Zauna Ba Ta Kamata Ta Yanke Makinka Ba

Kowace shekara matasa kusan miliyan 2 ne suke neman rubuta jarrabawar JAMB ta shiga manyan makarantu a Najeriya. Tun daga 2015 a kan kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, kuma cibiya guda takan ɗauki kimanin mutum 250 a zama ɗaya. A yi ɗan lissafi: ko da a ce akwai cibiyoyi 800 masu aiki lafiya lau, mutum 200,000 ne kawai za su iya zama a lokaci guda. Dole ke nan a raba jama'a, wasu da sassafe, wasu da hantsi, wasu da rana, a kuma yi kwanaki ana yi. Tunda an raba su, ba zai yiwu a ba kowa tambayoyi iri ɗaya ba, domin wanda ya fito da safe yana da waya a aljihu, kuma ƙaninsa na jiran shiga jibi.

Daga nan ne ƙorafin da iyaye da ɗalibai suka saba yi ke tasowa. Wannan ta ce lissafin da aka ba su ya fi na kowa tsauri, wancan ya ce 'yan ranar farko sun ci banza. Ba kullum ƙorafin yake zama uzurin wanda bai yi karatu ba. Duk ƙwarewar masu tsara tambayoyi, ba a taɓa samun takardu biyu da suka zo daidai wa daida wajen wuya. Za a iya ɗebo su daga manhaja ɗaya, a ba kowane babi adadin tambayoyi ɗaya, amma sai ɗalibai sun zauna sun amsa ake gane cewa ɗaya ta fi ɗaya nauyi da maki ɗaya ko biyu ko huɗu. A jarrabawar da maki ɗaya kan raba wanda zai karanta likitanci da wanda zai jira baɗi, wannan tazara ba ƙarama ba ce.

Masana awon jarrabawa suna da maganin wannan, wato daidaita maki. Manufar ita ce a gano nawa ne maki kaza a takarda ta biyu yake daidai da shi a takarda ta farko, sannan a ba kowa sakamakonsa a kan ma'auni guda. Frederic Lord, ɗaya daga cikin manyan wannan fanni a Amurka, ya gindaya sharaɗin a 1980: idan an daidaita da kyau, bai kamata ɗalibi ya damu da wace takarda ce ta faɗo masa ba. Yadda ake cimma hakan shi ne abin da nake son mu bi daki-daki, domin a ganina duk uban da ya biya kuɗin fom ya cancanci ya san abin da ke faruwa tsakanin amsar da ɗansa ya latsa da lambar da ta fito a sakamako.

Tambayar da komai ya rataya a kanta

Mu ƙaddara takarda ce ta lissafi mai tambayoyi 40, kowace tambaya maki ɗaya. Lambobin da za su biyo baya misali ne na tsara don a ga yadda aikin yake tafiya. Wasu ɗalibai sun rubuta takarda ɗaya ranar Litinin, wasu kuma sun rubuta wata daban ranar Alhamis. Da aka tattara, matsakaicin makin 'yan Litinin ya zama 24, na 'yan Alhamis kuma 20.

Abin da zai fara zuwa a ran mutum shi ne a ƙara wa 'yan Alhamis maki 4 a huta. Amma wannan tazara ta maki 4 tana iya fitowa daga wurare biyu. Tana yiwuwa takardar Alhamis ce ta fi wuya. Tana kuma yiwuwa takardun ƙarfinsu ɗaya ne, ɗaliban Alhamis ne ba su kai na Litinin shiri ba. Galibi ma kowane ɓangare yana da nasa kason. Idan takarda ce ta yi tsauri, ƙarin maki haƙƙinsu ne. Idan kuwa ɗaliban ne suka gaza, ƙarin ya zama an ƙwace wa 'yan Litinin gurbin da suka yi wa gumi. Duk ilimin daidaita maki ƙoƙari ne na raba waɗannan dalilai biyu, kuma kallon matsakaicin maki kaɗai ba ya raba su.

Hanyoyi biyu aka fi bi. Ta farko ita ce a tabbatar tun kafin a fara cewa rukunonin ɗaliban ƙarfinsu ɗaya ne. Ta biyu kuma ita ce a yarda cewa sun bambanta, sai a nemi abin da za a auna bambancin nasu da shi.

Idan ƙuri'a ce ta raba ɗalibai

A hanya ta farko, ba a barin kowa ya zaɓi takardarsa ko ranarsa. A jarrabawar takarda da fensir, akan jera littattafan tambayoyin a cakuɗe, na farko ya sami wannan, na kusa da shi ya sami waccan, haka har ƙarshen ɗaki, a kowace cibiya. Jarrabawar ACT ta Amurka ta daɗe tana amfani da wannan salo. A kwamfuta kuma na'ura ce ke rabawa ta hanyar kaɗa ƙuri'a. Idan mutane dubbai ne aka raba haka, masu ƙoƙari da marasa ƙoƙari za su watsu kusan daidai a ɓangarorin biyu, saboda haka duk tazarar da aka gani daga takarda take.

A wannan hali, ɗan Alhamis mai maki 20 da ɗan Litinin mai maki 24 matsayinsu ɗaya, domin kowannensu yana tsakiyar jama'arsa. Sai dai ƙara wa kowa maki 4 bai wadatar ba, saboda takardu ba a matsakaici kaɗai suke bambanta ba. Wata takarda tana baza ɗalibai nesa da juna, wata kuma tana cunkushe su wuri guda. Akwai lamba da ake fitarwa don nuna wannan, wadda za mu kira ma'aunin bazuwa. A sauƙaƙe, ita ce irin nisan da makin ɗalibai kan yi daga matsakaici. Mu ce bazuwar Litinin maki 6 ce, ta Alhamis kuma 5.

Ga Hadiza, ta rubuta ranar Alhamis ta sami 25. Ta ɗara matsakaicin rukuninta da maki 5, wato taki ɗaya cikakke na bazuwa. Wa ya yi daidai da ita a ranar Litinin? Wanda shi ma ya ɗara matsakaici da taki ɗaya, wato 24 a haɗa da 6, ya zama 30. Saboda haka 25 ɗin Hadiza 30 ne a ma'aunin Litinin, ƙarin maki 5 ke nan. Wanda ya sami 15 a Alhamis yana ƙasa da matsakaici da taki ɗaya, nasa zai koma 24 a cire 6, wato 18, ƙarin maki 3 kacal. Ka ga ƙarin ba ɗaya ba ne ga kowa, kuma wannan ba son kai ba ne. Takardar Alhamis ta matse ɗalibai, don haka kowane maki ɗaya a cikinta ya fi tsada.

Wannan lissafi na miƙaƙƙen layi yana da inda yake tuntuɓe. A ɗauki haziƙin da ya sami 35 a Alhamis. Ya ɗara matsakaici da taki uku, wanda a ma'aunin Litinin zai ba da 24 da 18, wato 42, alhali takardar gaba ɗaya maki 40 ce. Wannan alama ce cewa a can ƙololuwa alaƙar takardun biyu ta lanƙwasa, layi miƙaƙƙe bai bi ta ba. Abin takaici, a can ɗin ne ake fafatawar neman gurbin likitanci da injiniyanci.

Shi ya sa manyan hukumomi suka fi son daidaitawa ta matsayi. Maimakon a dubi lambobi biyu kawai, sai a jera ɗaliban kowace takarda daga ƙasa zuwa sama, a tambaya: kashi nawa cikin ɗari wannan maki ya wuce? Idan mai 28 a Alhamis ya wuce kashi 95 na rukuninsa, kuma a Litinin sai mai 34 ne ya wuce kashi 95, to 28 da 34 abu ɗaya ne. Haka za a bi kowane maki a yi masa aboki, kuma ba za a taɓa tsallake 40 ba.

Indiya ta rungumi wani nau'i na wannan tsari a fili. Jarrabawarsu ta shiga makarantun injiniyanci, JEE Main, wadda mutum sama da miliyan ɗaya ke rubutawa, tun 2019 hukumar NTA ke gudanar da ita a kwamfuta cikin zama da yawa. Ba ɗanyen maki ake kwatantawa ba. Ana ƙirga adadin waɗanda suka sami daidai da makinka ko ƙasa da shi a zamanku, a raba da yawan duk waɗanda suka zauna tare da kai, a ninka da 100. Wanda ya fi kowa a kowane zama yana samun 100, ko da ɗanyen makinsa bai kai na gwanin wani zaman ba. Ana kai lissafin har gurbi bakwai bayan ɗigo don a rage kunnen doki. Tsarin yana da tsabta, ɗalibi ma zai iya fahimtarsa, amma gaba ɗayansa yana tsaye ne a kan ƙafa ɗaya: cewa an raba mutane cikin zaman nan ba tare da zaɓe ba. Ranar da masu ƙoƙari suka taru a zama guda, tsarin zai cuce su, domin za su yi ta danne juna a jeri alhali a wani zaman da sun yi fice.

Idan rukunonin ba ɗaya ba ne

Sau da yawa ba a iya samun wannan rabo na ƙuri'a. Waɗanda suka yi rajista da wuri sukan bambanta da 'yan ƙurewar lokaci. Garuruwa ma ba ɗaya ba ne wajen makarantu. Waɗanda aka sake shirya wa jarrabawa daga baya, ko masu rubutawa a wata shekarar, ba za a ce ƙarfinsu ɗaya da na farko ba. A nan ne ake buƙatar dabara ta biyu, wadda a ganina ita ce mafi kyawun tunani a wannan fanni.

Manomi biyu ne, kowa da gonarsa, ɗaya ya sami dami 24 ɗaya ya sami 20. Ba za ka san ko ƙasar ce ta bambanta ko hannun manoman ba, sai ka ba su kunya goma-goma a fili guda ka ga abin da kowa zai fitar. Haka ake yi da jarrabawa. A cikin tambayoyi 40 na kowace takarda, sai a saka wasu, a ce 10, waɗanda iri ɗaya ne sak a takardun biyu, ba tare da ɗalibi ya san waɗanne ne ba. Su ne gadar da ta haɗa takardun. Tunda kowa ya amsa su, duk bambancin da aka gani a kansu na ɗalibai ne, ba na takarda ba.

Mu koma ga misalinmu, amma don sauƙi mu ce wannan karon bazuwar takardun biyu ɗaya ce, maki 6. Matsakaici yana nan yadda yake, 24 da 20. Da aka ware tambayoyin gada guda 10, sai aka ga 'yan Litinin sun sami matsakaicin 6, 'yan Alhamis kuma 5. Wannan ya nuna lallai 'yan Alhamis ba su kai na Litinin ba. Saura a san ko wannan maki ɗaya na gada nawa ne a cikakkiyar takarda. Idan bazuwar makin gada 2 ce, ta cikakkiyar takarda kuma 6, to kowane maki ɗaya a gada yana tsaye ne a matsayin maki 3 a takarda. Ma'ana, da a ce 'yan Alhamis ne aka ba takardar Litinin, da matsakaicinsu zai zama 24 a cire 3, wato 21. Abin da suka samu a tasu takardar 20 ne. Ashe tsaurin takardar Alhamis maki 1 ne kawai, sauran 3 ɗin daga ɗaliban ne.

A duba abin da wannan ke nufi ga Hadiza. Makinta 25 zai koma 26, ba 29 ba kamar yadda zai kasance da an ƙara wa kowa 4. Lambobin da ke saman takarda ba su canja ba, 24 da 20 ne a duka lissafin biyu, amma hukuncin ya canja sarai saboda abin da tambayoyi goma suka tona. Da an yi ƙarin 4 ɗin nan da sunan tausayi, da kowane ɗan Alhamis ya tsallake ɗan Litinin da ya fi shi da maki 2.

Ya kamata a faɗi cewa wannan ba ita ce kaɗai hanyar lissafin ba. Akwai wadda ake jingina wa Ledyard Tucker, wadda take la'akari da cewa tambayoyi goma ba sa hasashen sauran takardar ɗari bisa ɗari, don haka take rage nauyin da ake ba su. Idan dangantakar gada da cikakkiyar takarda ta kai 0.8 a ma'aunin da 1 ne ƙololuwarsa, maki ɗaya na gada zai zama 2.4 maimakon 3, tsaurin takardar kuma ya zama 1.6 maimakon 1. Hanyoyin biyu duka karɓaɓɓu ne, amma ga shi sun saɓa da fiye da rabin maki. Idan rukunonin sun yi kusa da juna a ƙarfi, kusan duk hanyoyin amsa ɗaya suke bayarwa. Idan sun yi nisa, sai amsoshin su rarrabu, kuma wannan rarrabuwa ita kanta gargaɗi ce ga masu aikin cewa gadar tana ɗauke da kayan da suka fi ƙarfinta.

Shi ya sa ba kowace tambaya ake sakawa a gada ba. Dole gadar ta zama ƙaramin hoton takardar: idan kashi ɗaya cikin huɗu na takardar aljabara ce, haka za ta kasance a gada, masu sauƙi da masu wuya su ma a gauraye. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada gada ta gaza kashi 20 cikin ɗari na tambayoyin, kuma an fi samun natsuwa idan ta kai tambayoyi 20 zuwa 30. Goman da na yi amfani da su don sauƙin lissafi ne. Sannan ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikinsu, ba a sauya jerin zaɓin amsa, kuma ana ajiye su kusan a wuri ɗaya. Tambayar da ta zo ta 5 a wannan takarda amma ta 38 a waccan ba tambaya ɗaya ba ce kuma, domin wanda ya iske ta a ƙarshe ya gaji, agogo na kore shi, wataƙila ma canka kawai ya yi.

Inda gada ke karyewa

Babban abin tsoro, musamman a wurinmu da cibiyoyin share fage suke tattara tambayoyi daga bakin waɗanda suka fito, shi ne tambayoyin gada su fita. Mutane sukan ɗauka cewa satar amsa tana amfanar wanda ya sata ne kawai. A nan ɓarnar ta wuce haka nesa.

A ce bayan zaman Litinin an haddace wasu daga tambayoyin gada an yaɗa su a waya, har matsakaicin 'yan Alhamis a gada ya tashi daga 5 zuwa 7. Waɗannan maki biyu za su shiga jimillarsu, matsakaicinsu ya koma 22. Amma ga abin da lissafi zai gani: 'yan Alhamis sun fi 'yan Litinin da maki ɗaya a gada, saboda haka da sun rubuta takardar Litinin da sun sami 27. Tunda 22 suka samu a tasu, sai a yanke cewa takardarsu ta fi wuya da maki 5. Za a ƙara wa kowa a rukunin maki 5 maimakon 1, har da wanda bai ga ko tambaya ɗaya ba kafin ya shiga. Tambayoyi ƙalilan da suka zurare sun karkatar da sakamakon dubban mutane, kuma 'yan Litinin ne suka biya.

Ana iya kama wannan, in dai an duba. Kafin a amince da gada, akan ɗauki tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya a kwatanta kashi nawa suka ci kowacce a rukunin farko da na biyu. Idan rukuni na biyu ya ɗan fi rauni, za a ga kusan kowace tambaya ta sauko da ɗan abu kaɗan, wadda kashi 60 suka ci ta koma 52, wadda 45 suka ci ta koma 38. Idan a tsakiyar wannan aka ga guda da ta yi tsalle daga 30 zuwa 70, to akwai magana. Kwamfuta ma tana ƙara wata shaida, domin tana riƙe da lokacin da aka ɓata a kan kowace tambaya. Lissafin da ke cin minti biyu, idan aka ga ɗaruruwan mutane suna amsa shi daidai cikin daƙiƙa biyar, ba sai an yi dogon bincike ba. Irin waɗannan tambayoyi cire su ake yi daga gada a sake lissafi da sauran. Wannan ma wani dalili ne na son doguwar gada, domin wadda ta fara da goma aka cire mata uku ta zama siririya ƙwarai.

Matsala ta biyu ita ce ƙarancin jama'a. Duk waɗannan lambobi ƙiyasi ne daga waɗanda suka zauna, kuma ƙiyasi daga mutum 60 yana rawa. Michael Kolen da Robert Brennan, waɗanda littafinsu ya zama madogara a wannan fanni, sun ba da shawarar kimanin mutum 400 a kowace takarda don lissafin miƙaƙƙen layi, da kimanin 1,500 don daidaitawa ta matsayi. A darasin Ingilishi da kowa ke rubutawa wannan ba abin damuwa ba ne. Amma a darussan da masu ɗaukarsu ba su da yawa, idan aka yawaita nau'o'in takarda, kowane nau'i zai tashi da mutane kaɗan, har kuskuren daidaitawar ya iya fin bambancin da ake son gyarawa girma. A irin wannan hali gara a rage yawan takardun, a tara masu darasin a zama kaɗan.

Jarrabawar kwamfuta ta zamani tana da wata hanyar da ke sauƙaƙa wasu daga cikin waɗannan. Bisa tsarin da masanin lissafi ɗan ƙasar Denmark, Georg Rasch, ya fitar a 1960 da waɗanda suka biyo bayansa, ana iya gwada kowace tambaya tun kafin ranar jarrabawa, a ba ta lambar nauyinta, a adana a rumbu. Idan an haɗa takarda daga rumbun, an riga an san nauyinta, kuma teburin juya maki yana nan a shirye. Amma ita ma gada ce da aka faɗaɗa, kuma abin da ke karya waccan yana karya wannan. Tambayar da aka auna tana da wuya shekara uku da suka wuce, idan ta shiga littafin tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa a kasuwa, lambarta ta zama ƙarya.

Abin da daidaitawa ba ta yi

Akwai wani gefe da ɗalibai ba sa so, kuma gara a faɗe shi. Adalcin da ya ɗaga mai takarda mai wuya shi ne yake sauke mai takarda mai sauƙi. A watan Yuni na 2018, ɗalibai da yawa a Amurka sun fusata da sakamakon SAT, domin ɓangaren lissafi ya zo da sauƙi, kuma waɗanda suka faɗi tambayoyi kaɗan sun ga makinsu ya yi ƙasa fiye da yadda suka saba gani a gwaji. Hukumar College Board ta bayyana cewa haka daidaitawa take aiki. A ƙa'ida tana da gaskiya. Amma ni ina ganin ɗaliban ma suna da abin faɗa, domin takarda mai sauƙi sosai ba ta iya bambance gwani da gwanin gwanaye, kuskure ɗaya na gaggawa sai ya yi tsada fiye da kima. Daidaitawa tana gyara ƙaramin bambanci ne. Idan takardu biyu suka yi nisa da juna ƙwarai, an riga an yi kuskuren tun a ɗakin tsara tambayoyi, kuma lissafi ba zai goge shi duka ba.

Haka kuma ba a daidaita abin da ba iri ɗaya ba. Idan takardar Litinin ta cika da aljabara, ta Alhamis kuma ta cika da awon siffofi, yarinyar da ta ƙware a ɗaya tana da dalilin damuwa da wadda ta faɗo mata, ko da matsakaicin ya zo daidai. Sharaɗin Lord ya rushe ke nan. Ba a kuma gyara ɗaukewar wuta ko kwamfutar da ta tsaya da wannan lissafi. Wanda na'urarsa ta cinye masa minti ashirin ba takarda mai wuya ya samu ba, maganinsa a sake ba shi dama.

Sai batun yarda. A watan Nuwamba na 2024, dubban masu neman aikin gwamnati sun yi zaman dirshan a birnin Prayagraj na jihar Uttar Pradesh a Indiya, suna ƙin a raba musu jarrabawa kwana biyu a daidaita maki, har hukumar jihar ta amince ta yi jarrabawar share fagen manyan ma'aikata a rana ɗaya. Ban ga laifinsu ba. Mutumin da aka ce masa makinsa ya canja ta wata hanya da ba a nuna masa ba, zargi zai yi. Abubuwan da hukuma za ta bayyana don kashe wannan zargi ba su da yawa, kuma babu wanda zai tona asirin tambaya ko ɗaya: yadda aka raba mutane cikin zama, ko da ƙuri'a ne ko da gada, wace hanyar lissafi aka bi, mutum nawa suka rubuta kowace takarda, da teburin da ke nuna ɗanyen maki kaza ya koma kaza. Da wannan tebur a hannu, malamin lissafi na kowace sakandare zai iya zama da ɗalibarsa ya nuna mata yadda 25 ɗinta ya zama 26, ya kuma gane da kansa idan wani layi a teburin bai yi kama da gaskiya ba.

Akwai lamba guda da ya kamata ta biyo teburin, wato girman kuskuren da ke tattare da daidaitawar kanta. Masu aikin suna iya ƙiyasta shi, kuma yakan fi girma a can sama da can ƙasa inda mutane ba su da yawa. Idan kuskuren ya kai rabin maki a daidai wurin da aka ja layin shiga, to ɗalibai biyu da rabin maki ya raba, ɗaya daga Litinin ɗaya daga Alhamis, lissafi bai tabbatar da wanda ya fi ba. Jami'ar da ta san haka tana da hujjar duba sakamakon sakandare da na gwajin da take yi da kanta kafin ta rufe ƙofa a kan wanda ya zo ƙasa da layin da ƙiris.